Inda maki ke zubewa a lissafin sitandad fom

"Malam, barka da aiki. 'Yata tana aji ɗaya na babbar sakandare a nan Jos. An ba su jinga ta sitandad fom, tambaya 12, aka hana su taɓa kalkuleta, ta ci 5 kacal. Ta mayar da 0.00052 zuwa 5.2 × 10⁻³, aka soke. Ta ninka 6 × 10⁵ da 4 × 10³ ta sami 24 × 10⁸, aka soke. Ta ninka 5 × 10⁻⁴ da 8 × 10⁻³ ta sami 4 × 10⁻⁸, shi ma aka soke. Na daɗe da barin boko, amma ina so in zauna da ita kafin Litinin. A ina kuskuren yake, kuma ta ina zan fara?"

Hajiya, barka kadai. Kafin komai, kada ki mayar da ita haddar sau, domin ba can ciwon yake ba. Ta san 6 sau 4 shi ne 24, ta san 5 sau 8 shi ne 40, kuma amsarta ta uku ta nuna mini ta iya tara −4 da −3 ta sami −7, wanda a nan ne yara da yawa suke fara tuntuɓe. Ɗabi'a biyu ce ke cinye mata maki. Ta farko, tana ƙirga sifili maimakon ta ƙirga gurbi. Ta biyu, idan ta zo matakin ƙarshe na gyara amsa, ko dai ta manta da shi, ko ta yi canki-in-canka kan inda za ta karkata. Su biyun kuwa jijiyarsu ɗaya, kuma zama guda mai kyau yana iya gyara su.

Sitandad fom hanya ce ta rubuta lamba a kashi biyu. Akwai lambar gaba, sannan akwai goma da ƙaramar lamba a kafaɗarta, wadda yara ke kira fawa (ba ta mahauta ba, tun da sai an faɗa wa 'yan aji wannan kowace shekara kafin dariya ta lafa). Sharaɗin guda ne: lambar gaba ta kai 1, amma kada ta kai 10. Ke nan 1 ta shiga, 4.73 ta shiga, 9.99 ta shiga, amma 10 ba ta shiga ba, 24 ba ta shiga ba, 0.52 ma ba ta shiga ba. A littafinta za ki ga an rubuta shi haka:

A × 10ⁿ, inda 1 ≤ A < 10

Lambar gaba tana gaya miki alƙaluman da ke cikin lambar, fawa kuma tana gaya miki girmanta. Abin da ya sa aka kafe kan sharaɗin shi ne don kowace lamba ta zama tana da rubutu ɗaya tak, ta yadda da kallon fawa kawai za a san wace ce babba tsakanin lambobi biyu. Da an bar kowa ya rubuta yadda ya ga dama, da 24 × 10⁸ za ta yi kama da ƙanwar 1 × 10⁹, alhali ta ninka ta fiye da sau biyu.

Mu fara da manyan lambobi, ko da yake ba ki kawo kuskurenta a can ba, don na tabbata yana cikin sauran huɗun da aka soke. Yaro yana koyon ƙirga sifili ne saboda misalan farko duk suna ba shi gaskiya. Gudun haske kimanin mita 300,000,000 ne a daƙiƙa ɗaya. Sifili takwas, saboda haka 3 × 10⁸, kuma daidai ne. Sai yaro ya ɗauka ai dokar ke nan. Ba ta nan ba ce. Ta yi aiki ne kawai don alƙalami ɗaya ne a gaba, sauran duk sifili. Ki ba ta 47,300,000 ki gani. Mai ƙirga sifili zai ga biyar, ya rubuta 4.73 × 10⁵, wato 473,000, ya zubar da ninki ɗari na lambar bai sani ba. Sifili biyar ɗin nan na 473 × 10⁵ ne. Idan aka matsar da ɗigo daga bayan 3 zuwa bayan 4, an ƙara tsallake gurbi biyu, su ma dole a biya su. Amsar ita ce 4.73 × 10⁷.

Abin da za ta riƙa yi shi ne ta sa bakin fensir a bayan alƙalami na farko, ta ƙirga duk alƙaluman da suka rage har ƙarshe, ko sifili ne ko ba sifili ba. A 47,300,000 bayan 4 akwai alƙaluma bakwai, fawa ta zama 7. Lambar da nake amfani da ita in kashe wannan ɗabi'a a aji ita ce adadin mutanen Najeriya a ƙidayar 2006, wato 140,431,790. Sifili biyu ne kacal a cikinta, ɗaya a tsakiya ɗaya a ƙarshe, don haka mai ƙirga sifili ba shi da abin kamawa, dole ya ƙirga gurbi. Bayan 1 akwai alƙaluma takwas, sai ta zama 1.4043179 × 10⁸, ko kuma 1.4 × 10⁸ idan an ce a taƙaita. Ki lura sifilin tsakiya, wanda ke bayan 4, yana nan bai tafi ko'ina ba. Sifilin ƙarshe ne kawai ake yarwa. Akwai waɗanda ya kamata ta riƙe a ka don su zama mata ma'auni: dubu 10³, miliyan 10⁶, biliyan 10⁹, tiriliyan 10¹². Wanda ya san miliyan 10⁶ ce ba zai yarda miliyan 47 ta zo da fawa 5 ba.

Yanzu ga 0.00052. Ta ga sifili uku bayan ɗigo, ta rubuta −3. Hanyar da za ki nuna mata kuskuren ba tare da kin faɗa mata ba ita ce ki sa ta rubuta waɗannan ukun a jere: 0.1, da 0.01, da 0.001. Ta farko ɗaya ce bisa goma, wato 10⁻¹, kuma babu sifili ko ɗaya tsakanin ɗigo da 1. Ta biyu ɗaya bisa ɗari, 10⁻², da sifili ɗaya. Ta uku ɗaya bisa dubu, 10⁻³, da sifili biyu. Da kanta za ta ga fawa kullum tana gaba da yawan sifilin da ɗaya. Dalili kuwa shi ne ba sifili ake ƙirgawa ba, gurbin da alƙalami na farko mai rai ya zauna ake nema. A 0.00052, alƙalamin 5 yana gurbi na huɗu bayan ɗigo, don haka amsar 5.2 × 10⁻⁴ ce. Abin da ta rubuta, 5.2 × 10⁻³, shi ne 0.0052, ninki goma na abin da aka ba ta.

Wasu malamai suna cewa a ƙirga har da sifilin da ke kafin ɗigo, a sami huɗu. Yana ba da amsa daidai, ban musa ba, amma ni ba na koyar da shi, saboda yana ƙara wa yaro yarda cewa sifili ne ke mulki. Ranar da aka ba shi 0.0502 sai ya ga sifili uku ya rubuta −3, ko ya share na tsakiyar ya rubuta 5.2. Amsar 5.02 × 10⁻² ce, domin 5 tana gurbi na biyu. Ƙwayar jini ja faɗinta kimanin mita 0.0000075 ne. Ki bar ta ta bi da yatsa, ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar, sannan 7 a na shida, ta rubuta 7.5 × 10⁻⁶.

Wani ƙaramin abu da ke rikita iyaye ma ba yara kaɗai ba: alamar ɗebewa da ke kan fawa ba ta mayar da lambar bashi. 5.2 × 10⁻⁴ ba ta ƙasa da sifili, ƙarama ce ƙwarai amma tana sama da shi. Ma'anar −4 ɗin ita ce a raba 5.2 da goma har sau huɗu.

Hanya mafi sauƙi ta duba kowace amsa ita ce a koma da ita gida, wato a mayar da ita lambar yau da kullum a ga ko ta dawo yadda aka ba da ita. A nan ma ɗabi'ar sifili tana leƙowa. Idan aka ce a buɗe 3.06 × 10⁵, wasu sai su rubuta 306 su jera sifili biyar. A'a, ɗigon ne zai tsallake gurbi biyar: 0 da 6 sun ci biyu, saura uku a cike da sifili, a sami 306,000. Ga ma'auni mai sauri: babbar lamba mai fawa 5 alƙalumanta shida ne, mai fawa 7 takwas ne, kullum fawa da ƙarin ɗaya.

To, ninkawa. Ita ce ta fi sauƙi a duk takardar, shi ya sa ake hana kalkuleta. Tun da komai ninkawa ne, ana iya sauya jeri yadda aka so, a haɗa lambobin gaba wuri guda, a haɗa gomomi wuri guda. Lambobin gaba ana ninka su. Fawa kuwa tarawa ake yi, ba ninkawa ba, kuma dalilin a fili yake: 10⁵ goma ce aka jera sau biyar ana ninkawa, 10³ kuma sau uku, idan aka haɗa jerin biyu an sami goma sau takwas. Yaron da ya rubuta 10¹⁵ ya ninka 5 da 3 ke nan, kuma 'yarki ba ta yi wannan ba.

Saboda haka 24 × 10⁸ da ta samu ba ƙarya ba ce. Darajar lambar daidai take, 2,400,000,000. An soke ne don ta ajiye aiki saura mataki ɗaya, 24 ta wuce 10, ba ta cika sharaɗi ba. Ni da nake duba takardar da na ba ta makin hanya na hana ta na amsa, amma kada ki je yin gardama a kan wannan, domin a jarrabawar WAEC ko NECO idan an ce a bar amsa a sitandad fom, to matakin ƙarshen nan shi ake jira a gani. A tambayoyin zaɓi kuwa za ta iya tarar da amsar kuskure tana zaune a cikin zaɓuɓɓukan tana jiranta.

A wannan mataki ne nake so ki daɗe da ita, kuma ki fito da kuɗi, ba littafi ba. Ki ce kin je Farin Gada sayen kayan miya da 'yan ɗari-ɗari guda 24. Nawa ke hannunki? Naira 2,400. A rubuce, 24 × 10². Mai tumatir ya ce ki canza masa su zuwa 'yan dubu-dubu. Guda nawa za a samu? Biyu da ɗan ƙari, wato 2.4. A rubuce, 2.4 × 10³. Kuɗin bai ƙaru ba, bai ragu ba. Yawan takardu ya ragu da ninki goma, don haka dole darajar kowace takarda ta ƙaru da ninki goma. Wannan ita ce dokar gaba ɗayanta: idan lambar gaba ta ƙanƙance, fawa ta hau, idan lambar gaba ta girma, fawa ta sauka. Ɗaya na biyan abin da ɗaya ya rasa. Don haka 24 × 10⁸ ta zama 2.4 × 10⁹.

Shekarun farko da na fara koyarwa, ni ma da "hagu" da "dama" nake koyar da wannan: ɗigo ya tafi hagu a ƙara, ya tafi dama a rage. A ranar duk suna ci. Bayan mako biyu rabin aji sun juya shi, domin babu abin da ke riƙe dokar a kai sai hadda, kuma hadda ba ta gaya maka ta juye. Tun da na koma maganar canji, ko yaro ya manta yana iya sake gano ta da kansa a cikin daƙiƙa goma.

Amsarta ta uku ita ce wadda ta fi faɗa mini abin da ke cikin kanta. Ga hanyar da ta bi, kamar ina kallonta. 5 sau 8, 40. Fawa −4 da −3, −7. Ta sami 40 × 10⁻⁷, duk daidai. Wannan karon ta tuna 40 ta yi yawa, ta mayar da ita 4, kuma ta tuna ana ƙara ɗaya. Sai ta kalli 7 ta ƙara ɗaya ta sami 8, ta mayar da alamar ɗebewa a gabanta. Ba a nan gizo ke saƙar ba: ɗayan ana ƙara shi ne a kan −7, ba a kan 7 ba. Wanda ake bin sa naira 7 ya biya naira 1, saura nawa ake bin sa? 6. Don haka −7 da ƙarin ɗaya −6 ce, kuma amsar ita ce 4 × 10⁻⁶. Abin da ta rubuta ya gaza gaskiya da ninki ɗari, ba goma ba, domin ta yi taku ɗaya baya a inda ya kamata ta yi taku ɗaya gaba.

Ke da kika san kwabo da sule kina da misalin da ya fi nawa, tun da yaran yanzu ba su taɓa riƙe su ba. Kwabo ɗaya bisa ɗari ne na naira, wato 10⁻². Sule kwabo goma ne, ɗaya bisa goma na naira, wato 10⁻¹. Kwabo 40 sule nawa ne? Huɗu. To ga shi a rubuce:

40 × 10⁻² = 4 × 10⁻¹

Lambar gaba ta sauka daga 40 zuwa 4, fawa ta tashi daga −2 zuwa −1. Sule ya fi kwabo, don haka −1 ta fi −2 girma, ko da yake ido na ganin 2 ta fi 1. Da an bi hanyar 'yarki da an rubuta 4 × 10⁻³, wato an karɓi kwabo 40 an ba mutum abin da bai kai rabin kwabo ba. Ki faɗa mata haka, za ta yi dariya, kuma ba na jin za ta sake mantawa.

Idan har yanzu tana shakka, akwai hanyar rubutu da ke cire canke gaba ɗaya. Maimakon ta matsar da ɗigo a ka, ta rubuta 40 ɗin ita ma a sitandad fom, sannan ta tara fawa kamar kullum:

40 × 10⁻⁷ = 4 × 10¹ × 10⁻⁷ = 4 × 10⁻⁶

Layi ɗaya ne ƙari, amma yana tilasta ta ta rubuta 1 + (−7) a fili. Ina sa ɗalibaina su yi haka har sai hannunsu ya faɗa, kuma ko a jarrabawa ba na hana su.

Ga wani abu da ba kowane littafi ke faɗa ba, kuma yana da amfani ƙwarai wajen duba aiki. Idan aka ninka lambobi biyu da kowacce ke sitandad fom, lambobin gaba kowacce ta kai 1 ba ta kai 10 ba, saboda haka abin da za su bayar ya kai 1 amma ba zai kai 100 ba. Ke nan hali biyu ne kawai: ko dai ya tsaya ƙasa da 10 a bar shi yadda yake, ko ya kai 10 a ƙara ɗaya a fawa. Fawar amsa ko dai jimillar fawa biyun ce, ko jimillar da ƙarin ɗaya. Ba ta taɓa sauka ƙasa da jimillar. Jimilla −7 ce, to amsa −7 ko −6, babu ta uku, kuma −8 ba ta da ƙofar shiga. Sai dai ki ja mata kunne, wannan na ninka lambobi biyu ne. Idan uku ne ƙarin yana iya kaiwa biyu, a rabawa kuwa abin juyewa yake yi, fawa ce ke iya sauka da ɗaya. Tarawa da ɗebewa ma wata dokar ce daban, ba a tara fawa a can, kada ta kwashi wannan ta kai musu.

Bari mu yi guda ɗaya daga tushe har ƙarshe, irin wadda ake sawa a ƙasan takarda don a ga wanda ya gane. A ninka 0.0045 da 0.00064, a bar amsa a sitandad fom.

A 0.0045, alƙalamin 4 yana gurbi na uku, don haka 4.5 × 10⁻³. A 0.00064, alƙalamin 6 yana gurbi na huɗu, don haka 6.4 × 10⁻⁴. Kafin ta ninka komai, ta yi kirdado: 4.5 ta kusa 5, 6.4 ta kusa 6, abin da za a samu yana wajen 30. Tun daga nan ta san biyu: za a yi gyara a ƙarshe tun da 30 ta wuce 10, kuma jimillar fawa −7 ce, don haka amsa za ta ƙare da −6. Ta san siffar amsar ke nan tun ba ta fara ba.

Sai ninka 4.5 da 6.4 ba kalkuleta. Ta ajiye ɗigo a gefe ta ninka 45 da 64. 45 sau 60 shi ne 2,700, 45 sau 4 shi ne 180, jimilla 2,880. Ina ɗigo zai koma? Kowace lamba tana da alƙalami ɗaya bayan ɗigo, biyu ke nan, sai a ƙirgo biyu daga ƙarshe a sami 28.80. A nan ma akwai rami: wasu suna yar da sifilin ƙarshe na 2,880 kafin su ƙirga, sai su sami 2.88, su ga ai ta cika sharaɗi, su rubuta 2.88 × 10⁻⁷ cikin farin ciki. Kirdadon farko ne ke kama wannan, domin an ce wajen 30, kuma 28.8 ce kusa da 30, ba 2.88 ba. Daga nan sai gyara:

28.8 × 10⁻⁷ = 2.88 × 10¹ × 10⁻⁷ = 2.88 × 10⁻⁶

Idan ta fi jin daɗin lambobi marasa ɗigo, akwai hanya ta biyu, kuma halal ce. 0.0045 ita ce 45 × 10⁻⁴, 0.00064 kuma 64 × 10⁻⁵. An ninka an sami 2,880 × 10⁻⁹. 2,880 ita ce 2.88 × 10³, sai 3 da −9 su ba da −6. Amsa ɗaya. A tsakiyar aiki babu wanda ya tilasta sharaɗin ƙasa da 10, a amsar ƙarshe ne ake nemansa. Sai dai a wannan hanyar ma'aunin "jimilla ko jimilla da ɗaya" ba ya aiki, tun da ba daga sitandad fom aka tashi ba. Ni nakan ce su yi da hanya ɗaya, su duba da ɗayar idan lokaci ya rage.

Idan babba ta haɗu da ƙarama, kamar 0.00075 sau 36,000,000, babu sabon abu sai tara fawa masu alama daban. 7.5 × 10⁻⁴ da 3.6 × 10⁷. 75 sau 36 shi ne 2,700, wato 27.00, kuma kirdadon 8 sau 3.5 ya ba da 28, mun yi kusa. Fawa kuwa, ana bin ki 4 kina da 7, kin biya saura 3. 27 × 10³, wato 2.7 × 10⁴, ko 27,000. Ki sa ido a kan "mainas da mainas fulos ne" da yara ke rerawa. Wannan dokar ninkawa ce, ba ta tarawa ba. Bashi a kan bashi ba ya zama riba, don haka −4 da −3 ba sa zama +7.

Idan ta gaji da lambobi tsirara, ki ba ta wannan. Hasken rana yana ɗaukar kimanin minti 8 da daƙiƙa 20 kafin ya iso duniya, wato daƙiƙa 500, ko 5 × 10². Yana gudun 3 × 10⁸ mita a daƙiƙa. An ninka an sami 15 × 10¹⁰, an gyara an sami mita 1.5 × 10¹¹, wato kilomita miliyan 150, kuma nisan rana ke nan kamar yadda yake a littafin kimiyyarta. Da ta karkata ta inda ba daidai ba ta rubuta 1.5 × 10⁹, da ta ajiye rana a kilomita miliyan ɗaya da rabi, kusan ninki huɗu kacal na nisan wata. Da haka ne da babu mai sa rigar sanyi a Jos ko a tsakiyar hunturu.

Ranar da aka bar su suka yi amfani da kalkuleta, wasu na'urorin da wayoyi za su nuna mata 4E-6. Ma'anarsa 4 × 10⁻⁶. Kada ta kwafe shi a matsayin 4⁻⁶, domin wannan ɗaya bisa 4,096 ce, wata lamba daban.

Zaman da za ku yi kada ya wuce minti 40, kuma kada ki sake ba ta tambaya 12. Ki fara da canjin kuɗi da baki, ɗari-ɗari zuwa dubu-dubu, kwabo zuwa sule, sannan ta gyara ukun nan da hannunta tana faɗa miki dalili da ƙarfi. Daga nan ki ba ta huɗu kawai, kowacce da abin da take tonowa. Ta mayar da 60,050,000, amsa 6.005 × 10⁷. Idan kika ga fawa 4 ko 6, har yanzu sifili take ƙirgawa. Ta mayar da 0.0309, amsa 3.09 × 10⁻². Idan ta rubuta 3.9, ta share sifilin tsakiya. Ta ninka 0.008 da 0.00007, amsa 5.6 × 10⁻⁷. Idan ta kawo −9, ki koma kan sule. Ta ƙarshen ita ce 2.5 × 10³ sau 4 × 10⁻⁶. Lambobin gaba za su ba ta 10 cif, ta sami 10 × 10⁻³, kuma a nan yara masu ƙoƙari ma sukan tsaya, suna ganin 10 ba ta yi yawa ba. Ta kai 10, don haka sai an gyara: 1 × 10⁻², wato 0.01. Ki tabbata ta rubuta 1 ɗin a gaba, kada ta bar 10⁻² ita kaɗai.